Tarin Fuka: Wata Na Uku Ne Mai Wuya

Mai tarin fuka ba ya gudun magani a makon farko. A lokacin tari ya hana shi barci, zazzaɓin dare da zufa sun dame shi, ya rame har wando yana zame masa, kome aka miƙa masa zai haɗiye. Inda ake samun matsala shi ne bayan wata biyu, sa'ad da tarin ya lafa, abinci ya fara shiga, maƙwabta suka fara cewa ai ya warke. A nan ne aikin ma'aikaciyar jinya yake da nauyi, kuma a nan ne mutanen gida suke iya ceton ɗan'uwansu ko su taya shi ɓata maganin.

Maganin tarin fuka irin na gama-gari na wata shida ne, kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin da ke ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta. Wata biyun farko ana shan magunguna huɗu da aka haɗa cikin ƙwaya guda, wata huɗun da suka rage kuma biyu daga cikinsu, wato rifamfisin da isoniyazid. Kashin farko yana karkashe ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa da sauri, shi ya sa mutum yake jin sauƙi da wuri. Amma akwai waɗanda suke laɓewa cikin huhu, ba sa motsi sai jefi-jefi, kuma dominsu ne ake ƙara wata huɗun. Wanda ya tsaya a rabi ya yi noman fari ne ya ƙi maimai: gona za ta yi kyau na ɗan lokaci, sannan ciyawa ta dawo. Abin da ya fi muni, ƙwayoyin da suka saura suna iya zama masu bijire wa magani, kuma jinyarsu ta fi wahala, magungunanta sun fi jigata jiki.

Mu ƙaddara wani manomi daga ƙauyukan Bakura, wanda ke noman rani a filayen da ke shan ruwan dam ɗin Bakolori. An gwada kakinsa, an tabbatar da cutar, an ɗora shi kan sikeli ya yi kilo 48. Ƙwaya uku zai riƙa sha kullum, domin ita ce ƙa'idar mai kilo 38 zuwa 54. Zai sha su gaba ɗaya da safe kafin ya karya kumallo, saboda abinci yana rage yadda hanji ke tsotse rifamfisin. Nas ɗin da ta san aikinta ba ta sallamarsa sai ta gaya masa cewa fitsarinsa zai yi ja-ja, har zufa da hawaye ma. Wannan ba jini ba ne, launin maganin ne. Mutane da dama sun ajiye magani saboda wannan kaɗai, don ba wanda ya faɗa musu tun farko.

Za ta kuma raba masa illolin gida biyu. Ciwon gaɓoɓi, tashin zuciya kaɗan, ko jin tafin ƙafa yana zogi kamar ana tsira masa allura, duk ana iya magance su ba tare da an daina shan ƙwaya ba, ya dai je ya faɗa. Amma idan ido ya yi ruwan ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje suka feso a jiki, ko gani ya fara dusashewa, ya dakata ya nufi asibiti a ranar. Shawara a nan alama ce ta hanta ta taɓu, kuma jiƙe-jiƙen shawara da aka saba ɗirkawa suna iya ƙara mata nauyi.

A ƙarshen wata na biyu sai a sake gwada kaki a kuma sake awo. Idan manomin nan ya kai kilo 56, ƙwayarsa ta koma huɗu. Ana yawan mantawa da wannan, sai mutum ya yi ta shan abin da bai kai masa ba. Akwai sauran gwajin kaki a wata na biyar da na shida, kuma su ne ke tabbatar da warkewa, ba cikar kumatu ba.

Tambayar da ta fi amfani a ranar farko ita ce: ina za ka kasance nan da wata uku? A wannan yanki mutum yana iya tafiya ci-rani, ko ya bi haƙar zinari ta wajen Maradun, inda ƙurar dutse ke ƙara lalata huhu, ko kuwa 'yan bindiga su tayar da ƙauyen cikin dare. Ba kowane mai fashin magani ne mai taurin kai ba. Don haka ake karɓar lambar waya fiye da ɗaya, a daidaita ranar karɓar magani da abin da ke fito da mutum gari, kamar kasuwar Talata Mafara, a kuma koya masa ya riƙe katin maganinsa kamar yadda yake riƙe kuɗi. Da katin, wata cibiyar a Gusau ko Sakkwato za ta san inda ya tsaya ta ɗora. Idan ya yi fashin kwanaki, akan ci gaba a rama abin da aka rasa. Idan kuwa ya ɓace wata biyu a jere, sai an sake gwaji an duba ko cutar ta fara bijirewa kafin a san abin da za a ba shi. Idan azumi ya kama kuma, a shirya da nas ɗin a mayar da lokacin sha zuwa dare ko kafin sahur, maimakon a ajiye magani sai bayan salla.

Sannan a zaɓi mutum guda a gida wanda zai ga an haɗiye ƙwaya ya yi alama a kati. A ganina kada a zaɓe shi don girma kawai. Yayan da ke zaune a wani gari ba zai yi ba, ko da shi ne mai faɗa a ji. Matar da ke dama koko kowace safiya ta fi shi dacewa.

Ita kanta matar da 'ya'yanta sun daɗe suna shaƙar iskar ɗakin. Cutar a iska take tafiya, idan mai ita ya yi tari ko atishawa. Ba a ɗaukarta a kwano ko moɗa ko musabaha, saboda haka ware wa mutum kwanonsa tozarci ne da ba ya kare kowa, har yana sa wasu ɓoye ciwon. Abin da ke kariya shi ne a buɗe taga, ya yi zamansa a tsakar gida ko inuwar waje, ya rufe baki idan tari ya zo, kada ƙananan yara su kwana ɗaki ɗaya da shi a makonnin farko. Bayan kamar mako biyu yana shan maganin da ya dace ba fashi, yaɗuwar takan ragu ƙwarai.

Kowa a gidan a tambaye shi: tarin mako biyu, zazzaɓi, zufar dare, rama. Yaro bai cika nuna ta da tari ba. Sai a ga ya daina ƙara nauyi, ya daina wasa, ko ƙulli ya fito masa a wuya. 'Yan ƙasa da shekara biyar da masu ƙanjamau su ne cutar ta fi saurin kayarwa, kuma a jikin yaro tana iya hawa ƙwaƙwalwa. Idan an duba su ba a ga ciwo ba, akan ba su maganin kariya na wata uku ko shida. Uwa za ta ce, "Malama, yaron da ke gudu lafiya lau, don me zai sha magani?" Amsar ita ce ƙwayar tana iya kwanciya a jikinsa shiru, yanzu ne kashe ta yake da sauƙi. Allurar da aka yi masa a kafaɗa lokacin haihuwa tana rage tsananin ciwon ne, ba ta hana kamuwa.

Idan mace ce mai ciwon, ta ci gaba da shayarwa, ta dai rufe baki da hanci a kwanakin farko. Idan kuma tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ko an saka mata ashana a dantse, ta faɗa wa nas a keɓe, domin rifamfisin yana raunana su, sai a sauya mata wata hanyar har zuwa mako huɗu bayan ta gama wata shidan.