Gargaɗi Ga Masu Shigo Da Kaya Ta Teku: Inshorar Arha Na Cinye Jari

Jama'a, dukiyarmu na salwanta a teku, kuma da hannunmu muke sa hannu a takardar da ke hana a biya mu diyya.

'Yan kasuwa da yawa suna sayen inshora ne don banki ya amince da Fom M kawai. Sai su ce wa ejan ya samo mafi arha. Mafi arhar nan ita ce ICC (C), kuma arharta tarko ce.

ICC (C) ba ta biyan komai sai haɗurran da ta lissafa da suna, irin su gobara, nutsewar jirgi ko kafewarsa, karo, kifewar mota, da jefar da kaya a teku don ceton jirgi. Sata ba ta ciki. Jiƙewar kaya ba ta ciki. ICC (B) ta ƙara shigar ruwan teku ko na kogi cikin kwantena, amma ita ma ba ta san sata ba, ba ta san ruwan sama ba.

A ɗauki misalin ɗan Kantin Kwari da ya ɗauko atamfa daga Guangzhou zuwa Apapa. Kuɗin kaya da na jirgi dala 50,000, an yi inshora a kan kashi 110 cikin ɗari, wato dala 55,000. Rufin kwantena ya huje, ruwan sama ya shiga, kashi ɗaya cikin biyar na dilolin ya ruɓe.

Mai (C) ba ya samun ko kwabo. Mai (B) ma haka. Mai ICC (A) zai karɓi dala 11,000, kafin a cire ɗan kason da takarda ta ɗora masa. Dalili? A (A) ana biyan duk asarar da ta auku ta hanyar haɗari, sai kamfani ya tabbatar tana cikin abin da aka ware. A (C), kai ne za ka kawo hujjar cewa haɗarinka na cikin jerin.

Haka jari ke karyewa. Haka bashi ke hawa kan magidanci. Haka amana ke rushewa tsakanin abokan haɗin gwiwa.

Ya zama wajibi kowa ya duba harafin da ke kan takardarsa kafin jirgi ya tashi.

Ya zama wajibi a san cewa (A) ma tana da iyaka. Ba ta biyan asarar mugun ɗauri, ko ta jinkiri, ko kayan da suka lalace da kansu. Yaƙi da yajin aiki kuwa sai an saya musu kariya daban.

Ya zama wajibi a fitar da kaya da wuri, domin kariyar na ƙarewa kwana 60 bayan sauke su daga jirgi.

Ya zama wajibi, da ganin ɓarna, a rubuta ta a takardar karɓar kaya, a ɗauki hoto, a kira mai binciken kamfanin inshora kafin a taɓa dila ko ɗaya.

Shugabannin kasuwa da ejan-ejan, kun san wannan. Duk wanda ya ga ɗan'uwansa na sayen (C) cikin rashin sani ya ja bakinsa, da hannunsa a cikin asarar. Ku faɗa, tun kafin kwantena ta gaba ta bar tasha.