Amsar Farko a Wayar Manomi: Haruffa 160

Manomi a Runka ta Safana ya tura wa mai sayar da taki a Batsari tambaya: akwai yuriya? Wayarsa mai maɓallai ce, allonta layi kaɗan yake nunawa, datarsa kuwa ta kwana ɗaya ce. Amsar da ta dace da shi ita ce: "Akwai, Malam. Ka zo gobe kafin Azahar." Hoton buhu da doguwar murya su jira sai ya nema, domin suna cin data, kuma inda sabis ke rawa sukan maƙale ba su sauka ba.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70. In ya zarce, waya ta raba shi, a caji kowane kashi. Wani lokaci wutsiyar kan makara, shi ya sa nake roƙon a sa ainihin amsar a layin farko, gaisuwa kalma biyu ta wadatar.