Kyamara biyu, rikoda ɗaya: yadda ake daidaita baki da murya

Yau maganarmu ta masu ɗaukar bidiyo da tace shi ce. Bari in yi misali da aikin da muke yawan samu a nan Utai, ƙaramar hukumar Wudil: hira ta minti 40 da wani dattijo a ƙofar gidansa. Kyamara ta farko tana kusa da shi, kamar mita 2. Ta biyu tana can baya, mita 14, don ta ɗauko gida da jama'a. Muryar kuma rikoda ce ke ɗauka daban, da ƙaramin makirufo maƙale a wuyan rigarsa.

Tun kafin ka danna komai, ka sa kyamarorin biyu a kan firem 25 a daƙiƙa, sautin dukkan na'urorin kuma a 48 kHz. Kada ka kashe makirufon kyamara don kana da rikoda. Wannan gurɓataccen sautin da ba za ka yi amfani da shi ba, da shi manhaja za ta gane inda kowane hoto zai zauna.

Idan duka ukun sun fara ɗauka, wani ya tsaya kusa da dattijon, inda kyamarori biyun ke ganin hannunsa, ya yi tafi guda ɗaya mai ƙarfi. Guda ɗaya fa, kada ya jero. Tafin yana ba ka shaida biyu: firem ɗin da hannaye suka haɗu, da tsini ɗaya da zai miƙe a zanen sautin. In an gama hirar, kafin a kashe komai, a sake yin wani tafin.

To, an zo kan kwamfuta. A Premiere Pro ka jera fayilolin uku, kowanne a layinsa, ka zaɓe su, ka danna dama, ka ɗauki `Synchronize`, sannan `Audio`. A DaVinci Resolve kuma `Auto Sync Audio` za ka nema, ka zaɓi `Waveform`. Manhajar tana kwatanta hawa da saukar sautin ne har su dace. Shi ya sa in iska ta cika makirufon kyamara ta biyu, ko janareta na kusa da ita, sai ta kasa, ko ta ajiye hoton inda ba nan ba. In haka ta faru, ka nemo tsinin tafin a kowane fayil ka jera su da hannu.

Amma ko manhaja ta ce ta gama, ni ba na yarda sai na duba tafin da idona. Dalili kuwa, sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Kafin ya isa kyamarar da ke mita 14, ya ci kusan kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa, wato firem ɗaya cif. Manhaja ba ta san da wannan jinkirin ba, sai ta jawo hoton baya don sautinsa ya yi daidai da na rikoda. Za ka ga hannaye sun haɗu, sai a firem na gaba ƙarar ta fito. Gyaran shi ne ka tura hoton kyamara ta biyu dama da firem ɗaya. Ta kusa ba ta da wannan matsalar.

Yanzu ka tsallaka zuwa tafin ƙarshe. Kowace na'ura tana da agogonta a ciki, kuma ba sa tafiya daidai wa daida. A minti 40 akwai firem 60,000. Idan a ƙarshe ƙarar tafin rikoda ta makara da firem 3, to zamewar a hankali ta taru, kusan firem ɗaya duk minti 13. Kada ka ja sautin gaba ɗaya, farkon zai lalace. Ka nemi inda dattijon ya yi shiru wajen minti 13, da 26, da 39, ka yanke firem ɗaya na sauti a kowane wuri. Ka duba kowace kyamara daban, domin zamewarsu ba lallai ta zo ɗaya ba.

In kuwa ka ga zamewar ta yi yawa, ko ta gyaru ta sake dawowa, ka duba ko ɗaya daga cikin kyamarorin waya ce. Wayoyi sukan canja yawan firem suna cikin ɗauka. Ka fara bi da fayil ɗin ta HandBrake, ka sa 25, ka zaɓi `Constant Framerate`, sannan ka daidaita.

Gwajin ƙarshe, ka kashe sautin kyamarori, ka bar na rikoda, ka kalli leɓen dattijon a kan haruffan b da m, inda baki ke rufewa. In sun faɗa daidai a farko da tsakiya da ƙarshe, sai ka fara yanka.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.