Yadda ake tace farashin ƙarya daga bayanan kasuwar hannun jari kafin manhaja ta buga ƙararrawa

Da safiyar Litinin, 3 ga Yunin 2024, masu bibiyar kasuwar hannun jari ta New York sun ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. Hannun jarin kamfanin Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett, wanda aka rufe mako ana sayar da shi a kan sama da dala 620,000, ya bayyana a allo a kan dala 185.10, wato faɗuwar kashi 99.97 cikin ɗari. Babu abin da ya sami kamfanin. Tangarɗa ce a manhajar cibiyar da ke tattara farashi tana rarraba wa kasuwa, kuma daga baya aka soke cinikin da aka ƙulla a wannan farashi.

Amma kafin a gano haka, wasu sun ɗauka garaɓasa ce ta faɗi, suka aika da umarnin a saya musu a duk farashin da aka samu. Da aka sake buɗe ciniki, an cika wasu daga cikin umarnin a kan fiye da dala 700,000. Kamfanin dillanci na Interactive Brokers, wanda ya ɗauke wa abokan hulɗarsa nauyin, ya bayyana asarar kusan dala miliyan 48.

Kowane ciniki da aka ƙulla a kasuwa, da kowane sabon tayi da aka gabatar, yana fitowa ne a matsayin layi guda mai ɗauke da lokaci da farashi da yawan hannun jari. Masu sana'ar suna kiran irin wannan layi da "tik". Daga waɗannan layuka ake zana jadawalin da ɗan kasuwa ke gani a wayarsa, daga gare su ake lissafa siginar saye ko sayarwa, kuma su ne ke tayar da ƙararrawar da mutum ya saita cewa a sanar da shi idan farashi ya sauka ƙasa da kaza. Layi ɗaya mara kyau ya isa ya ɓata duka ukun. Shi ya sa ake girke matata a tsakanin shigowar bayanai da lissafi.

Matakin farko ba ya buƙatar wani lissafi. Ana ware layin da farashinsa sifili ne, da wanda ya zo sau biyu, da wanda kasuwa ta liƙa masa alamar sokewa ko gyara, da wanda lokacinsa ya faɗo a wajen sa'o'in ciniki. Wannan na ƙarshe ba abin rainawa ba ne. A ranar 3 ga Yulin 2017, bayan an tashi kasuwa da wuri, bayanan gwaji na kasuwar Nasdaq sun zurara zuwa shafukan da jama'a ke dubawa, aka ga Amazon da Apple da Microsoft duk a farashi guda, dala 123.47. Duba agogo kawai ya isa ya sa a yi shakkar waɗannan alƙaluma. A kasuwar hannun jari ta Najeriya akwai ƙarin shinge, domin farashi ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa a yini guda. Layin da ya tsallake wannan iyaka abin tuhuma ne nan take.

Wahalar tana mataki na biyu, inda layin yake da kamannin ciniki na gaske amma farashinsa ya yi nisa da na maƙwabtansa. A ɗauki misalin hannun jarin da ciniki tara na baya-bayan nan suka kasance haka a naira: 50.00, 50.05, 50.00, 50.10, 50.05, 50.10, 50.15, 50.10, 50.05. Sai na goma ya shigo a kan 5.01, alamar ɗigon ya zame da gurbi ɗaya.

Abin da yawancin masu koyo ke fara yi shi ne su tara farashin su raba da yawansu. Na tara ɗin farko ya ba da 50.07. Da an haɗa da na goma sai ya faɗo 45.56, ba tare da komai ya sauya a kasuwa ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake koyarwa a darasin ƙididdiga cewa a jefar da duk adadin da ya nisanci wannan sakamako da fiye da ninki uku na ma'aunin warwatsuwar adadin. A nan ƙa'idar ba ta aiki. Shi kansa mugun layin ya kumbura ma'aunin zuwa kusan naira 14.2, ninki ukunsa ya haura 42, alhali nisan layin 40.55 ne kacal. Ɓarawon ya shiga cikin masu gadi, ya wuce lafiya. Hasali ma, a jerin adadi goma babu adadin da zai taɓa kaiwa ninki uku komai girman kuskurensa, domin iyakar da lissafi ya ba da ita ce 2.85.

Mafita ita ce a jera farashin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki wanda ke tsakiyar layi. A cikin taran, na tsakiya 50.05 ne. Ko an ƙara 5.01 ɗin, na tsakiya yana nan 50.05, domin adadi guda da ya kauce ba ya iya jan tsakiyar layi. Haka ake yi wajen auna warwatsuwa: a lissafa nisan kowane farashi daga 50.05, a jera, a ɗauki na tsakiya. Nisan su ne sifili sau uku, kobo 5 sau biyar, da kobo 10 sau ɗaya, don haka na tsakiya kobo 5 ne. Sharaɗin tuhuma sai ya zama:

```
|farashi - tsakiya| > 10 × warwatsuwa + rara
```

Idan rarar kobo 5 ce, iyakar ta zama kobo 55, wato duk cinikin da ya faɗo tsakanin 49.50 da 50.60 ya wuce, wanda ya fita a tsare shi. Farashin 5.01 ya kauce da naira 45.04, babu ja a kansa.

Ita wannan rara tana da dalili. Hannun jarin da ba a yawan cinikinsa kan zauna a farashi ɗaya sau da yawa a jere, sai ma'aunin warwatsuwa ya koma sifili. Ba tare da rara ba, motsin kobo biyar ma sai matatar ta ɗauke shi kuskure. Masanan Italiya biyu, Christian Brownlees da Giampiero Gallo, sun sanya irin wannan ƙari a hanyar tacewa da suka wallafa a 2006. Ninkin 10 kuwa ba wahayi ba ne. Ana gwada shi a kan bayanan watannin baya na kowane hannun jari, a duba layukan da ya tsare ɗaya bayan ɗaya.

Shaida ta biyu ita ce tayi. A kowane lokaci akwai mafi girman tayin mai saye da mafi ƙarancin kuɗin da mai kaya zai sallama. A ƙa'idojin da Barndorff-Nielsen da Hansen da Lunde da Shephard suka fitar a 2009, ana cire cinikin da ya haura farashin sallamawa da fiye da tazarar da ke tsakanin biyun, ko ya gaza tayi da fiye da ita. Idan ana tayi a 50.05, ana sallamawa a 50.10, ciniki a 5.01 ba shi da mazauni.

Sai dai akwai tarko a aron ƙa'idojin masu bincike. Wata daga cikinsu tana kwatanta layi da 25 na gabansa da 25 na bayansa. Mai nazarin bayanan jiya yana da wannan dama, amma manhajar da za ta buga ƙararrawa yanzu ba ta ga abin da ke tafe ba. Wanda ya gwada dabarar cinikinsa a kan bayanan da aka tace da sanin gaba zai ga riba mai daɗin ido, ya shiga kasuwa ya tarar da akasin haka. Dole matatar gwaji ta zama ita ce ta aiki, mai duban baya kaɗai.

Duban baya kuma yana da nasa makanta. A ce kamfanin misalin ya sanar da riba mai tsoka, ciniki ya yi tsalle zuwa 52.00. Matatar za ta tsare shi, domin ya wuce 50.60. Idan layin da aka tsare ba ya shiga jerin da ake lissafi da shi, to na gaba a 52.05 ma za a tsare shi, haka na bayansa, matatar ta daskare a 50.05 kasuwa ta yi gaba. Alamar wannan cuta ita ce yawan layukan da ake tsarewa ya hau ba zato, kuma dukkansu a ɓangare guda, kusa da juna. Irin wannan tsalle na gaske ya faru ranar 15 ga Janairun 2015, lokacin da Babban Bankin Switzerland ya janye iyakar faran 1.20 a kan yuro ɗaya, kuɗin ƙasar ya yi tashin gwauron zabi cikin mintuna.

Don haka ba a goge layi, killace shi ake yi. Idan tayi da farashin sallamawa sun koma kusa da 52, ko ciniki uku na gaba sun zauna a can, sai a karɓi sabon matakin, a sake gina jerin daga nan, ƙararrawa ta buga. Idan ciniki na gaba ya dawo 50.10, layin ya tabbata na ƙarya. Kuɗin wannan tsari jinkiri ne: daƙiƙa ko ƙasa da haka a hannun jari mai tafiya, mintuna a wanda ba a cika taɓawa ba. Ga ma'aikacin da ke duba wayarsa lokacin hutun rana, jinkirin ya fi ƙararrawar ƙarya sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma inda lissafi ba ya iya yanke hukunci. Ranar 6 ga Mayun 2010, kasuwannin Amurka sun rufta suka farfaɗo cikin mintuna, aka sayar da hannun jarin Accenture a kan santi ɗaya. Cinikin ya faru da gaske, da mai saye da mai sayarwa. Daga baya ne kasuwannin suka soke ciniki fiye da 20,000 da suka kauce da sama da kashi 60 cikin ɗari, suka bar waɗanda ba su kai haka ba, irin na Procter & Gamble da ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wannan iyaka mutane ne suka zana ta bayan ƙura ta lafa. Saboda haka ake adana bayanan asali yadda suka shigo, tare da alamar dalilin killace kowane layi, domin saƙon sokewa kan zo bayan sa'o'i kuma sai an koma an gyara jadawali.

Abu na ƙarshe da matata ke buƙata shi ne kalandar sanarwar kamfanoni. A watan Yunin 2024 kamfanin Nvidia ya raba kowane hannun jarinsa gida goma, farashi ya koma kusan dala 120 daga kusan 1,200. A idon lissafi wannan daidai yake da zamewar ɗigo irin ta 50.10 zuwa 5.01. Kafin buɗe kasuwa a irin wannan rana, ana raba tsofaffin farashin da ke cikin jerin da goma, haka ma kowace iyakar ƙararrawa da abokan hulɗa suka saita.