Ranar da shugaba zai karanta wa ma'aikata jadawalin baɗi

A ƙarshen shekara, ma'aikatu da kamfanoni da yawa kan tara ma'aikatansu, shugaba ya miƙe ya karanta musu jadawalin baɗi: ranakun hutu, manyan tarurruka, da wa'adin miƙa takardu. Sau da yawa yakan jero ranakun tamkar duk ƙarfinsu ɗaya, alhali ba haka ba ne, kuma daga nan rigimar tsakiyar shekara take tasowa.

Wasu ranakun kafaffu ne. A Najeriya kowa ya san 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Waɗannan a ambata a wuce.

Inda ya kamata shugaba ya tsaya shi ne ranakun da suka dogara da ganin wata. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka Sallah takan matso gaba kowace shekara, kuma ba a tabbatar da ranar sai Sarkin Musulmi ya sanar, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kuma ita ke ayyana hutu. Shugaban da ya san aikinsa zai faɗa ƙarara cewa ranar hasashe ce, tana iya motsawa da kwana ɗaya.

A ɗauki 2027. Bisa lissafi, Ƙaramar Sallah za ta faɗo wajen 9 ko 10 ga Maris. To, ranar 10 ga kowane wata ita ce wa'adin miƙa harajin da aka cire daga albashin ma'aikata na watan da ya gabata. Idan akawun kuɗi ya tafi gida Sallah, ga gajiyar goman ƙarshe, wa zai biya? Maganin shi ne a tsayar da wa'adin cikin gida tun a jawabin, a ce Juma'a 5 ga Maris, a kuma kira sunan wanda nauyin yake kansa da wanda zai riƙe masa. Haka za a yi wa 31 ga Janairu, ranar ƙarshe ta miƙa bayanan albashin shekara ga hukumar haraji ta jiha.

Batun hutun shekara ya fi taɓa zuciya. Dokar Ƙwadago ta ba wanda ya yi wata 12 yana aiki aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi, ko da yake wurare da dama suna ba da fiye da haka. Matsalar ita ce kowa makon Sallah yake so. Babbar Sallah ta 2027 ana sa ranta wajen 16 ko 17 ga Mayu, maniyyata kuwa sukan tashi makonni kafin nan. A ganina rashin adalci ne a bar wannan ga wanda ya fi kusa da oga. A faɗi ƙa'idar a bainar jama'a: wanda ya samu Sallar bana, shi zai tsare ofis baɗi, maniyyaci kuma ya rubuta takardarsa tun Janairu.