Idan Outlook Ya Ƙi Buɗewa: Yadda Ake Gyara Fayil Ba a Rasa Saƙo Ba

Saƙon da ke fitowa a allo gajere ne, amma yana tsinka zuciya: "Errors have been detected in the file", sai sunan wani fayil mai ƙarewa da .pst ko .ost ya biyo baya. Wani lokacin kuma Outlook cewa yake "The set of folders cannot be opened", ya rufe kansa. Mai kwamfutar sai ya ga kamar wasiƙun shekara da shekaru sun tafi ke nan. Galibi ba su tafi ba, suna nan kwance a faifan ajiyar kwamfutar. Abin da ke ɓatar da su da gaske shi ne gyaran gaggawa da ake yi cikin ruɗani.

Manhajar Outlook ta asali da ake girkawa a kwamfuta mai Windows tana zuba saƙonni, da takardun da aka maƙala musu, da kalanda, da adireshin mutane, duk a cikin ƙaton fayil guda ɗaya. A cikinsa akwai kayan da kansu, akwai kuma jadawalin da ke nuna inda kowane gutsuren saƙo yake. Kamar sito ne da littafin mai gadinsa: idan shafi biyu na littafin suka yage, buhunan suna nan, sai dai ba wanda ya san na wane ne a wace kusurwa. Yawancin abin da ake kira lalacewar fayil ɓacin jadawalin nan ne.

Me ke ɓata shi? Babban dalili shi ne katsewar rubutu. Duk lokacin da saƙo ya shigo ko aka matsar da shi, Outlook yana rubuta saƙon, yana kuma gyara jadawalin. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin, ko aka danne maɓallin kashe kwamfuta da ƙarfi, sai a bar rabi a rubuce rabi babu. Ofisoshin da ke aiki da kwamfutar tebur tsakanin wutar Nepa da janareto sun fi kowa sanin wannan. Akwai kuma ajiye fayil ɗin .pst a wata kwamfuta ana buɗe shi ta hanyar sadarwar ofis, abin da Microsoft da kansa ya ce bai goyi baya ba. Sai tsufan faifan ajiya, sai kuma girma. Tsohon tsarin fayil na Outlook 97 zuwa 2002 ba ya wuce gigabait 2. A Outlook 2003 da 2007 iyakar da aka saita gigabait 20 ce, daga 2010 zuwa sama kuma 50. Tun kafin a kai iyakar manhajar ke fara nauyi, kuma mai nauyi ita ake yawan kashewa da ƙarfi.

Tambaya ta farko da gwani zai yi ita ce: .pst ne ko .ost? A nan hanya ta rabu biyu, kuma wanda ya bi ta kuskure shi ke kuka.

Fayil ɗin .ost kwafi ne kawai. Asusun Exchange, da Microsoft 365, da Outlook.com, haka ma asusun IMAP tun daga Outlook 2013, suna riƙe asalin saƙonnin a kan sabar, kwamfutar kuma tana ajiye kwafi don a iya karatu ko babu intanet. Shi ya sa .ost ba ya buƙatar dogon gyara. A rufe Outlook, a buga wannan a layin adireshi na File Explorer:

```
%localappdata%\Microsoft\Outlook
```

Sai a sauya wa fayil ɗin suna, misali a ƙara masa .old a ƙarshe, a sake buɗe Outlook. Zai ƙirƙiri sabo ya jawo saƙonnin daga sabar. Sauya suna aka ce, ba gogewa ba, domin akwai tarko. A asusun IMAP, kalanda da adireshin mutane sukan zauna a foldoji masu rubutun "This computer only" a jikin sunansu, kuma waɗannan ba su da kwafi a ko'ina. Haka ma saƙon da ke jiran fita a Outbox. Idan manhajar tana ɗan buɗewa, a fara fitar da su zuwa wani .pst tukuna. Sannan a shiga akwatin imel ɗin ta intanet a tabbatar da ido cewa saƙonnin suna can. Mai sayen data da kuɗinsa ya kuma sani cewa zai sake sauke duk abin da ke akwatin.

Fayil ɗin .pst kuwa sau da yawa shi ne asali, babu na biyunsa. Asusun POP yana sauko da saƙonni kwamfuta, kuma a saitin da Outlook ke zuwa da shi, sabar tana share nata kwafin bayan kwana 14. Tsofaffin saƙonnin da aka kwashe zuwa ma'ajiya su ma a .pst suke.

A ɗauki misalin sakatariyar wani kamfanin jigilar kaya, mai asusun POP da fayil na gigabait 9. An ɗauke wuta da rana tana tsaka da aiki, da aka tayar da janareto Outlook ya ƙi buɗewa. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai taɓa manhajar gyara ba tukuna. Zai duba Task Manager ya tabbatar babu sauran Outlook da ke gudana a ɓoye. Zai nemo fayil ɗin, wanda a sababbin Outlook yakan zauna a foldar Outlook Files da ke cikin Documents. Idan ba ya nan, Control Panel, sai Mail, sai Data Files zai nuna inda yake. Daga nan ya kwafe shi sukutum zuwa filash ko wani faifan waje, ya duba girman kwafin ya yi daidai da na asalin, ya zare filash ɗin ya ajiye gefe.

Kwafin nan ma gwaji ne. Idan ya tsaya a tsakiya Windows ya ce "Data error (cyclic redundancy check)", to cutar ba ta Outlook ba ce, faifan ajiyar ne ke mutuwa. A irin wannan hali gudanar da gyara a kan faifan ƙara masa wahala ne. Sai a tsaya a kai wa mai ceto bayanai.

Idan kwafi ya tafi lafiya, sai a kira manhajar gyaran da Microsoft ke haɗowa kyauta da Office, wato Inbox Repair Tool. Sunan fayil ɗinta SCANPST.EXE, kuma an ɓoye ta sosai har mutane da yawa kan sayi wata manhaja alhali tasu na zaune a kwamfutarsu. A Outlook 2016 zuwa sama galibi tana nan:

```
C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16
```

A wasu kwamfutocin kuma a ƙarƙashin Program Files (x86) take. Da Browse ake nuna mata fayil ɗin, a danna Start, ta bi shi a matakai takwas. Idan ta ga matsala za ta faɗi adadin foldoji da saƙonnin da ta tarar, ta kawo maɓallin Repair, da ɗan akwati mai rubutun "Make backup of scanned file before repairing". A bar alamar da ke akwatin. Wannan zai samar da fayil mai ƙarewa da .bak wanda girmansa ya kai na asalin, don haka sakatariyar na buƙatar sararin gigabait 9 ko fiye a faifanta.

A lokacin gyaran tagar takan yi fari ta rubuta "Not Responding". Aiki take yi. A babban fayil da tsohuwar kwamfuta yana iya ɗaukar sa'o'i, kuma kashe ta a nan maimaita ɓarnar farko ce. Shi ya sa ya fi kyau a yi gyaran a laftof mai cikakken caji, ko a lokacin da aka tabbata janareto na da mai. Ba kasafai zagaye ɗaya ke isa ba. Ana sake gudanar da ita har sai ta daina ganin matsala, ko ta tsaya a kan ƙananan saɓani kawai.

Ga abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Burin SCANPST shi ne fayil ya koma mai buɗuwa, ba lallai kowane saƙo ya tsira ba. Saƙon da ta tarar lafiyayye amma ba ta san foldarsa ba, takan jefa shi wata folda mai suna Lost and Found. Wanda ta kasa fahimta kuwa, tana iya cire shi gaba ɗaya ba tare da ta ambaci sunansa ba. Saboda haka kalmar "Repair complete" ba shaida ba ce cewa komai ya dawo. Dole mai akwatin ta zauna ta duba da kanta: Inbox, da Sent Items, da tsofaffin foldoji, ta buɗe wasu saƙonni na shekarun baya ta ga ko takardun da ke maƙale suna buɗewa. Ita kaɗai ta san cewa akwai foldar rasiɗan kwastan da ya kamata a ce tana nan.

Idan wani abu ya ɓace, a nan .bak ke da amfani. A kwafe shi, a ba kwafin sabon suna mai ƙarewa da .pst, a gwada buɗe shi ta File, sai Open & Export, sai Open Outlook Data File. Wani lokacin yakan buɗe har a jawo foldar da aka rasa da hannu. Ko bai buɗe ba, shi da kwafin da ke filash su ne za a gwada wa wata manhajar ceto. Irin waɗannan manhajojin na kuɗi suna da yawa, kuma masu kirki a cikinsu kan nuna jerin saƙonnin da suka gano kafin a biya. Wadda ta nemi kuɗi ba ta nuna komai ba, a yi hattara da ita. Haka kuma aika fayil ɗin ga wani shafin da ba a sani ba daidai yake da miƙa masa dukkan wasiƙun kamfani.

Saura ginin sabon gida. Fayil ɗin da aka yi wa ɗinki ya fi dacewa a kwashe kayansa a bar shi. Ta Account Settings, a shafin Data Files, sai a danna Add a ƙirƙiri sabon .pst. Daga nan a riƙa kwafe foldoji ɗaya bayan ɗaya, ana kwatanta adadin saƙonnin da ke nunawa a ƙasan taga a tsohuwar folda da sabuwa. Kwafewa ta fi matsarwa aminci, domin idan wani gurɓataccen saƙo ya tsayar da aikin, tsohon yana nan daram, sai a raba foldar gida biyu har a gano mai laifin. Sakatariyar za ta iya amfani da damar ta raba gigabait 9 ɗin nan: saƙonnin bana a fayil ɗaya, na shekarun baya a wani daban. A ƙarshe, a shafin Email, maɓallin Change Folder ne ke sa sababbin saƙonni su riƙa sauka a sabon fayil ɗin.

Masu amfani da Thunderbird nasu ya fi sauƙi, domin kowace folda tana da fayil ɗin saƙonninta daban, da ɗan jadawalinta mai ƙarewa da .msf. Danna dama a kan foldar, sai Properties, sai Repair Folder, yana sake gina jadawalin daga saƙonnin. A can ma ana fara kwafe foldar bayanan mai amfani gaba ɗaya manhajar na rufe, kuma ba a taɓa Compact sai an tabbatar saƙonnin sun bayyana, domin shi yana share duk abin da aka yi wa alamar gogewa ne har abada.