Yadda Ake Lissafin Kuɗin Zinariya

Farashin sarƙa ko awarwaro na zinariya yana fitowa ne daga abu uku: nauyi, tsabtar ƙarfen, da kuɗin aikin maƙeri. Mai shago yakan haɗa su ya faɗi kuɗi ɗaya, amma sai an rarrabe su ake gane ko ciniki ya yi kyau.

Nauyi shi ne mafi sauƙin tantancewa, don a gaban mai saye ake ɗora kayan a sikeli a auna da giram. Inda ake ƙwaruwa shi ne duwatsun ado, domin idan aka auna da su, an biya kuɗin zinariya kan gilashi ke nan.

Tsabta kuwa da karat ake auna ta. Tsantsar zinariya karat 24 ce, sai dai tana da laushi, shi ya sa ake gauraya ta da tagulla ko azurfa don ta yi ƙwari. Karat 21, wanda ya fi yawa a kayan Saudiyya, yana nufin kashi 21 cikin 24 zinariya ce. Maƙera kan buga lamba a kan maɓallin sarƙa ko cikin zobe: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 kuma karat 18. Lambar ba ta isa hujja ba, tunda ana iya buga ta a kan jabu. Saboda haka dillalai ke goga kayan a kan baƙin dutse su ɗiga ruwan asid a kan zanen. Idan ya ɓace, karat ɗin bai kai yadda aka faɗa ba.

A ƙaddara giram ɗin tsantsar zinariya naira 100,000 ne, don sauƙin lissafi. Sarƙa mai giram 20 ta karat 21 tana ɗauke da tsantsa giram 17.5, wato naira 1,750,000. Da karat 18 ce, tsantsar giram 15 ce kawai, naira 1,500,000, alhali sikeli bai nuna wani bambanci ba.

A kan wannan ake ɗora kuɗin aiki, kuma nan ne ake iya tayi, don farashin ƙarfen kasuwar duniya ke yanke shi. Idan an sa naira 8,000 kan kowane giram, sarƙar farko ta tashi a 1,910,000. Ranar da aka mai da ita kasuwa, wannan 160,000 ba ta dawowa, domin dillali nauyi da karat yake saye, ya kuma rage ribarsa. Don haka macen da ke sayen gwal don ajiya gara ta ɗauki awarwaro mai kauri marar ado da ta ɗauki sarƙa mai ƙananan zane, wadda aikinta ke da tsada kuma take saurin tsinkewa.